Masu Tsayawa a Hagun Usta Gwadabe

Aikina a makarantar horar da malaman sana'a da ke Khartum shi ne in koya wa manyan mutane yadda ake kallo. Idan na faɗi haka a gidan biki mata sukan yi dariya, su ce wa ya rasa ido har sai Sittana ta koya masa. To su zo su ga ɗalibaina a makon farko da na tura su ajin wani malami. Wannan zai dawo ya ce darasi ya yi kyau, wancan ya ce bai yi ba, in na tambayi abin da aka yi a darasin sai kowa ya shiga sosa ƙeya. Kafin ɗalibi ya karɓi aji nasa na kansa, muna haɗa shi da wani tsohon hannu, ya riƙa zama yana kallon yadda yake koyarwa, bayan an tashi kuma ya gaya masa abin da ya gani. Wannan na biyun ne mai wuya, don a garin nan an fi son a ce wa mutum komai lafiya ko da rigarsa na ci da wuta.

A wancan zangon na tura mutum biyu wata cibiyar koyon sana'a a Omdurman, wurin Usta Gwadabe mai koyar da walda, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a nan. Na farko Abdulmun'im, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma bakinsa yakan riga ƙwaƙwalwar isa wuri. Na biyu Ibrahim Khalil, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Sai bayan na raba su na ji cewa Usta Gwadabe aminin marigayi mahaifin Ibrahim ne, tare suka tashi a unguwa ɗaya, kuma shi ya riƙe gidan bayan rasuwar. A wurin aiki Ibrahim yana ce masa Usta, a gida Baba. Na so in sauya masa wuri, ya roƙe ni in bar shi, na bar shi.

Usta Gwadabe ya haura sittin. Mafi yawan shekarunsa a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya yi su, yana buga ƙarfe yana haɗa jikin manyan motoci, kafin cibiyar ta ɗauko shi ya koyar. Dogo ne siriri, hannayensa duk ɗigon ƙunar tartsatsi, kuma yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano zai je Makka, ya yada zango a bakin Nilu, zangon bai ƙare ba har yau. Ni ma nawa kakan haka ne, shi ya sa in mun haɗu muke ajiye Larabci mu ɗauki Hausa. Masu koyo a wurinsa ba yara ba ne, magidanta ne da samari masu neman abin riƙe kai.

Bayan makon farko na zaunar da ɗalibaina. Ibrahim ya ce darasin Usta ya yi kyau ƙwarai, Allah ya ƙara masa lafiya. Na ce amin, amma addu'a daban, rahoto daban, me ya gani? Ya ce ya ga Usta ya iya walda. Na ce da bai iya ba da ba a ɗauko shi ba. Sai Abdulmun'im, da tun ɗazu yake mutsu-mutsu a kujera, ya ce shi kam ya gano komai: dattijon yana nuna bambanci. Wai akwai wasu mutum huɗu 'yan Dar Salam, wata unguwar talakawa a bayan Omdurman, in sun yi tambaya ko waiwayowa ba ya yi, amma in 'yan cikin gari suka buɗe baki yanzu zai amsa har da murmushi. Ya ce raini ne, don yana ganin su baƙi ne masu gidajen laka.

Na tambaye shi ko ya shiga zuciyar Usta ne ya ga rainin a zaune. Ya ce ai a fili yake. Na ce abin da ke fili shi ne wasu sun yi magana ba a amsa ba, saura duk shi ya ƙara daga aljihunsa. Na tambaya ko ya gaya wa Usta. Ya ce a'a, kunya ta hana shi. Na fara sauke numfashi ke nan sai ya ƙara da cewa amma dai ya ɗan taɓa maganar da mudir, wato shugaban cibiyar, da suka haɗu wurin mai shayi.

Raina ya ɓaci sosai, ban kuma ɓoye ba. Kunya ta hana shi faɗa wa mai abu, amma ba ta hana shi faɗa wa mai iko da abincin mutumin ba. Na tuna masa abin da na faɗa tun ranar farko, cewa mutum ya buɗe maka ƙofar ajinsa ne bisa amana, abin da ka gani na shi ne, shi za ka fara kai wa. Abdulmun'im ya sunkuyar da kai. Ibrahim kuwa fuskarsa ta yi fari fat.

Washegari na tsallaka gada da tsohuwar motata na je na sami mudir. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya tambayi lafiyar kowa har da mutanen da ban taɓa haifa ba, sannan ya shigo zance. Ashe maganar ta riga Abdulmun'im isa. 'Yan Dar Salam ɗin sun kawo kuka tun kafin nan, babbansu wani Salih ya ce shi ba zai bar aikin yini ya zo a riƙa shanya shi a gaban mutane ba. Ranar Lahadi ma ba su zo ba gaba ɗaya. Mudir ya ce ga shi yanzu ɗalibina ma ya shaida. In har mutanen ba su dawo ba zuwa mako mai zuwa, zai ba wani ajin, ya mai da Usta ɗakin ajiyar kaya ya riƙa ba da guduma yana karɓa. Ya ce ba kora ba ce, hutu ne.

Na san irin wannan hutun. Mutum irin Gwadabe in ka raba shi da masu koyo, kuma da sunan ya raina talaka, ka gama da shi a unguwa. Na ce wa mudir ɗalibina bai shaida komai ba, zato ya yi, kuma ɗalibaina ba 'yan leƙen asirinsa ba ne. Na roƙi a bar mu mu ƙara kallo. Ya ce ma'alesh, wato ba komai, mu kalla, amma shi ya faɗi nasa. Ya kuma ce zai aika wa mutanen su daure su zo ko da na kwana biyu ne.

Daga nan na shiga wurin Usta, don ba a kallon ajin mutum a bayan idonsa. Na tambaye shi, kamar yadda muke yi, ko akwai abin da yake so yaran su lura masa da shi. Ya goge hannu da tsumma, ya yi ɗan tunani, ya ce akwai.

"Ustaza, su duba mini me ya sa mutanen yanzu ba su tambaya. Mu da muna koyo, har kore mu ake yi don tambaya. Waɗannan kuwa rabinsu sai ido, yani kamar an ɗinke musu baki. Ko ni ne ban iya ba kuma?"

Na dube shi, na ga ba wasa yake ba. Abin yana damunsa har zuciya. Na ce to, amma na fito da tambayar tana yi mini yawo a ka.

Na tara yaran biyu a gindin bishiyar da ke ƙofar cibiyar na raba musu aiki. Na ce abu ɗaya za su kalla, tambaya kawai: wa ya yi, daga ina yake tsaye, me Usta yake yi a lokacin, me ya biyo baya. Ban yarda in ji kalmar kyau ko muni ko raini ba. Na kuma tambaye su inda suke zama a makon da ya wuce. Suka ce a kan benci a ƙarshen ɗakin, inda iska ke shigowa. Na ce lallai sun ji daɗi. Yanzu Abdulmun'im zai tsaya cikin 'yan gari, Ibrahim cikin 'yan Dar Salam, kafaɗa da kafaɗa, su ga abin da mai koyo yake gani, su ji abin da yake ji. Kada su sa baki a darasi, sai fa in akwai haɗari.

Ranar Talata mutum uku daga 'yan Dar Salam suka zo, Salih bai zo ba. Ni ma na tsaya daga baya. Ɗakin dogo ne, rufin kwano, teburin gwaji na ƙarfe a tsakiya, ƙofa daga gefe guda, kuma a can ƙarshen wannan gefen wasu 'yan wani aji suna ta yankan ƙarfe da inji. 'Yan gari sun riga sun iso sun cika gaban teburin da damansa. 'Yan Dar Salam suka shigo a makare, ƙura har gira, don motar unguwarsu sai ta cika ta batse take tashi. Suka tsaya inda ya rage, kusa da ƙofa.

Gaskiya mutumin ya iya koyarwa. Ya fara nuna ɗinkin ƙarfen gaba ɗaya da saurinsa na aiki, sannan ya sake a hankali yana faɗin abin da hannunsa ke yi, yadda ake karkata sandar walda da yadda ake janta ba tare da gaggawa ba. Kafin ya kunna wuta sai ya ce kowa ya rufe ido da baƙin gilashi, ya kuma duba ya tabbata an rufe. Da ya gama ya ɗauki ƙaramar guduma ya ɓare ɓawon da ke kan ɗinkin, ya riƙe ƙarfen da filaya ya zagaya da shi kowa ya gani.

Ana cikin zagaye na biyu, ya sauke murfin fuskarsa yana walda, sai tartsatsi ya faɗa kan wani tsumma mai maiƙo a ƙasa, ta wajen ƙofa. Hayaƙi ya fara tashi. Na ji Ibrahim ya ce Usta. Bai juyo ba. Ya ƙara, da ƙarfi, wannan karon ya ce Baba. Ko gezau. Sai Ibrahim ya taka tsumman da takalmi ya kashe, ya shure shi waje. Na ga ya tsaya yana kallon ƙeyar dattijon, kamar yau ya fara ganinsa. Can Usta ya ɗaga murfin, wani daga dama ya yi tambaya a hankali, ya juya ya amsa masa da fara'a.

Da aka tashi cin fatur, abincin hantsi da kowa ke sa hannu a kwano ɗaya, yaran suka zo mini. Wannan karon Abdulmun'im ne ya yi sanyi. Ya ce daga inda ya tsaya, duk tambayar da aka yi an amsa, har da ta wani ɗan Dar Salam da ya zagayo neman guduma ya yi magana daga nan. Ibrahim ya ce daga nasa gefen ba a amsa ko ɗaya ba sai in Usta yana fuskantar mai maganar, kuma shi kansa bai samu amsa ba. Ya ce a gida bai taɓa lura ba, don gida shiru ne, kuma Baba kullum yakan ce a zo a zauna ta nan, ta damansa. Sannan ya ce, "Ustaza, Baba ba ya ji da kunnen hagu."

Na ce wataƙila, amma shi ba likita ba ne, ni ma haka. Abin da ya gani shi zai faɗa. Da ya ji kalmar faɗa sai ya ja da baya. Ya ce wallahi ba zai iya ba, mutumin da ya yi masa aure zai duba ya ce masa kurma? Ya ce ni in faɗa, ko Abdulmun'im. Abdulmun'im ya ce a shirye yake, na ce ya yi nasa ya isa. Na gaya wa Ibrahim ni daga baya na tsaya, shi ne ya kira ba a amsa ba, kuma duk duniya babu wanda Usta zai yarda ba ya nufinsa da sharri kamarsa. In ya yi shiru don kunya, mako mai zuwa Babansa yana ɗakin ajiya da sunan mai wulaƙanta mutane. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ban sassauta ba.

Muka shiga motata muka rufe gilashi duk da zafi, na ce ni ce Usta, ya gwada a kaina. Gwajin farko ya yi ta yabo har na ce in ya gama waƙar ya tashe ni. Na biyu ya fara da ba da haƙuri, ya ƙare da ba da haƙuri, babu komai a tsakiya. Na ce ya fara da tambayar Usta yadda shi ya ga darasin. Sannan ya faɗi abu guda da ya yi aiki, takamaimai, wanda shi kansa zai ɗauka ya yi amfani da shi. Sannan ya koma kan tambayar da Usta ya ba su da bakinsa, ya faɗi abin da ya gani, a ina, ana me. Daga nan ya rufe baki. Na ce wannan rufe bakin shi ne rabin aikin, kada ya cike shirun da surutu don ya ji sauƙi.

Bayan azahar ɗakin ya watse, injuna suka mutu. Usta ya zauna a kan wata kujerar ƙarfe da shi ya ƙera ta, Ibrahim ya jawo benci ya zauna ta damansa. Na nemi izini na zauna can gefe. Abdulmun'im na tura shi shan shayi.

Da Ibrahim ya tambaye shi yadda ya ga darasin, Usta ya ce ba laifi, sai dai ya so ya ba su lokacin gwaji fiye da haka. Ibrahim ya ce shi abin da ya ɗauka shi ne nunawa sau biyu, da sauri sannan a hankali, don ya lura a karo na biyun ne mutane suka fara motsa hannayensu suna kwaikwayo. Usta ya yi murmushi ya ce wani tsohon Usta ne ya koya masa haka. Sai Ibrahim ya shigo ainihin zancen.

"Baba, ka ce mu duba me ya sa ba su tambaya. Na tsaya wajen bab, can bakin ƙofa, cikin 'yan Dar Salam. Suna tambaya. Yau ma sun yi, kana walda, inji yana ta ƙara a bayansu. Da tsumma ya kama wuta ni ma na kira ka, na ce Usta, na ce Baba. Na dama kuwa ko a hankali suka yi magana kana amsawa."

Ya rufe baki kamar yadda aka koya masa. Shirun ya yi tsawo har ni da na kafa dokar na so in karya ta. Usta ya dubi ƙofa, ya dubi teburin, ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa kunnensa na hagu.

"Kai ka kira ni?"

"Na kira, Baba."

"Salih fa? Shi ma yana kira?"

"Sun ce shi ya fi kowa."

Usta ya ce ya san kunnen ya yi nauyi, ya daɗe da mai da waya ɗaya gefen, amma ya ɗauka abin bai wuce nan ba. Ya ce shi da yake komawa gida yana ce wa iyalinsa Salih mutum ne mai girman kai, ya zo koyo amma ba ya buɗe baki. Daga nan muryarsa ta sauya. Ya ce wa Ibrahim ya tashi ya ba shi wuri. Ibrahim ya tashi, idonsa ya kawo ruwa, muka fito. A mota ya ce mini ya rasa uba sau biyu. Na ce ya jira, amma ni kaina ban san me muke jira ba, kuma na kwana da nauyin abin.

Laraba ba mu je ba. Ranar Alhamis da safe muka tarar an juya teburin gwaji, an kuma matsar da shi nesa da masu yankan ƙarfe, yadda duk mai shigowa zai tsaya ne a gaban Usta ko damansa. Kafin ya taɓa komai ya tsaya ya gaya wa ajin, da wannan babbar muryar tasa, cewa kunnensa na hagu ya gaji da shi, duk mai tambaya ya ɗaga hannu in yana kallo, in kuma ya rufe fuska a jira ya ɗaga, in haɗari ne a kashe injin daga bango. Ya nuna musu makunnin. Ya ce zai riƙa tsayawa bayan kowane ɗinki ya bi su ɗaya ɗaya. Ashe tun jiya ya je ya sami mudir da kansa ya faɗa masa, duk da ya san maganar kunne ma tana iya raba shi da ajin. Mudir ya ce sai ya je asibiti an auna, wannan ba fashi, amma batun da ke gabansa bai sauya ba: ukun nan da suka zo ranar Talata bayan Salih suke, yau ma ga shi ba su zo ba, in Salih bai dawo ba babu mai dawowa.

Abdulmun'im ya je ya durƙusa gaban Usta ya faɗi abin da ya yi a wurin mai shayi. Usta ya saurare shi da kyau, ya ce nan gaba in ya ga abu ya zo ya faɗa masa ko da zagi ne, ya fi. Ibrahim kuwa, Usta ko kallonsa bai yi ba har aka tashi. Sai da muka kai ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, Ibrahim ya zo ya raka shi Dar Salam. Ya tambaye ni ko motata za ta iya hanyar. Na ce ta ga abin da ya fi haka.

Mun bar kwalta muka shiga rairayi, gidajen laka jere iri ɗaya, masu kurar jaki suna sayar da ruwa. Mun sha tambaya kafin aka nuna mana Salih. Ba a gida muka same shi ba, yana wani fili yana buga tubalin laka da wasu mutum biyu, ƙafafunsa dumu-dumu har gwiwa. Mutum ne kakkaura da ya ba talatin baya. Da ya ga wanda ya fito daga motar sai ya miƙe, ya wanke hannu a bokiti, ya zo ya gaishe mu gaisuwa cikakkiya wadda babu ɗumi a cikinta. Da yake Salih ba ya jin Hausa, da Larabci aka yi sauran.

Usta bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗa masa abin da aka gano da wanda ya gano shi, ya ce bai zo don aji ba, in an ba wani ajin Salih ya je ya koya a wurinsa, sana'ar ta fi malamin. Ya zo ne don kada mutum ya kwana yana zaton ya kira shi ya ƙi amsawa.

Salih ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce shi an raina shi a wurare da yawa tun da ya zo garin nan, ya saba, ba ya ma ƙirgawa. Amma ya zaɓi ajin Usta ne don an ce masa mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya yi masa ciwo. Ya ce akwai ranar da ya kira har abokansa suka fara dariya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Usta ya tattara jallabiyarsa fara ya tsuguna a nan bakin ramin laka, ya juya kansa ya miƙa masa kunnen dama.

"Me kake son tambaya ran nan?"

Salih ya dubi abokan aikinsa, ya dube mu. Sannan shi ma ya tsuguna. Ya ce sanda ce take liƙe masa a jikin ƙarfe duk lokacin da ya zo farawa, sai ya fizge ta da ƙarfi, ya rasa me yake yi ba daidai ba. Usta ya ce ko wutar ta yi ƙasa, ko kuma yana dangwala ta ne ya bar ta a wurin. Ya tsinci wani kara a ƙasa, ya kama hannun Salih da lakarsa da komai, ya ja karan a kan wani busasshen tubali kamar mai ƙyasta ashana, ya ɗan ɗaga. Suka sake. Suka kuma sakewa.

"Ranar Lahadi ka gwada da wuta," in ji Usta.

Salih bai ɗago ba, yana ta jan karan shi kaɗai. "Akwai wata tambayar, Usta."

"Faɗi. Ina ji."